Zuwa ga Injiniyan da ya haɗa mana burtsatsen sola

Assalamu alaikum Malam Injiniya. Wannan saƙo ne daga kwamitin ruwa na ƙauyenmu da ke gefen Ringim. Da gangan muka ƙi sa sunanka da na shagonka, kuma muna roƙon 'yan gari kada kowa ya ambata su a ƙarƙashin rubutun nan, balle zagi. Gyara muke nema.

Yau kwana 19 ke nan famfo bai kawo ko ɗigo ba. Mun kira ka sau shida, ka sa mana rana sau biyu, Allah bai nufa ka zo ba. Shi ya sa muka biyo ta nan.

Hasumiyar tanki da faifan sola takwas ɗin da ka ɗora lafiya lau suke, a nan kam ka yi aiki. Matsalar tana cikin rijiya. Takardar da muka sa wa hannu ta ce zurfin rijiyar mita 45 ne, za a saukar da samo, wato injin da ke turo ruwa sama, zuwa mita 36. Da aka zaro shi ranar Asabar a gaban Maigari, bututu tara muka ƙirga, kowanne mita uku, wato mita 27 ke nan. Da damina ba a gane ba, don ruwa yana sama. Rani na shigowa ruwa ya ja ƙasa, samo ya koma zuƙar iska, ga shi kuwa ruwan ne ke sanyaya shi, sai ya ƙone. Na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya janye tana cikin lissafin kuɗin da muka biya, amma ba mu gan ta a jikin bututu ba. Mahaɗar waya ma da salatif aka naɗe ta, har ruwa ya shiga. Mai yiwuwa yaran aikinka ne suka yi ba da saninka ba, ba mu yanke hukunci ba sai mun ji daga bakinka.

Garantin wata shida ka ba mu, yanzu muna cikin na biyar. Don haka muna neman ka sauya samo, ka ƙara bututu uku, ka sa na'urar nan, a kuma haɗa wayar da abin da ruwa ba ya ratsawa. Masu jan bututu da abincinsu a kanmu.

Mata da yara sun koma rijiyar bakin fadama, wasu da jarka biyu kafin a tafi makaranta. Muna sauraronka zuwa Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci. Idan ranar ta wuce shiru, za mu kai takardar yarjejeniya da rasit gaban Hakimi, a zauna da kai a can. Lambar sakatarenmu tana wurinka.

Allah ya bar zumunci.

Kwamitin ruwa, da sanin Maigari