Farautar Agana: Sharhin Kashi na Biyu

(Hoto ya buɗe a kan hannun wata dattijuwa tana shafa kumatunta, inda zanzana ta bar ramuka ƙanana.)

DATTIJUWA: Mu huɗu muka kwanta a ɗaki ɗaya, ɗana, ni da ƙannena uku. Da na warke na buɗe ido sosai, sai na tarar mu biyu muka rage.

MAI SHARHI: Rigakafin da zai iya kare wannan ɗaki ya girmi duk wanda ke cikinsa, domin tun a 1796 likitan nan na Ingila, Edward Jenner, ya nuna cewa ana iya tsare mutum daga agana. Abin da ya gagara shi ne kai maganin inda ake bukatarsa, saboda ruwan rigakafin yana lalacewa cikin 'yan kwanaki a ƙasashe masu zafi. Sai da aka koyi busar da shi ya zama gari, wanda ke jure wata guda ba tare da firji ba, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gagarumin shirinta a 1967, lokacin da cutar ke kama mutane fiye da miliyan 10 a kowace shekara.

(Wani tsohon ma'aikacin rigakafi ya kwance ƙullin tsumma, ya fito da siririyar allura mai baki biyu.)

MA'AIKACI: Ka tsoma ta, ɗigo ɗaya zai maƙale a tsakanin bakin nan biyu. Sai ka caccaka damtse sau goma sha biyar, da sauri, har ka ga ɗan jini. Ni da rana ɗaya aka koya mini.

MAI SHARHI: Da wannan ɗan ƙarfe, maganin da a da yake isar mutum ɗaya ya koma isar mutum huɗu, kuma idan an tafasa shi a ruwa ana sake aiki da shi washegari. Duk da haka, lissafin farko na yi wa kashi 80 cikin 100 na jama'a lamba bai kashe cutar a wurare masu cunkoso ba, domin ragowar da ba a kai gare su ba sun ishe ta yawo. Mafita ta ɓullo ne a gabashin Najeriya a ƙarshen 1966, inda ƙarancin magani ya tilasta wa likita William Foege ya zaɓi waɗanda zai yi wa.

LIKITA: Muka daina bin taron jama'a, muka koma bin mara lafiya. Wa ya kwana kusa da shi? Wa ya zo dubiya? Wace kasuwa ya ci kafin ƙuraje su fito?

MAI SHARHI: Halin cutar ne ya ba wannan dabara ƙarfi. Agana ba ta da maɓoya a jikin dabba, ba ta kuma iya ɓoye kanta a fuskar wanda ta kama, sannan wanda aka yi wa lamba cikin kwana uku ko huɗu bayan ya haɗu da ita yakan tsira, ko ta zo masa da sauƙi. Amma dabara a takarda ba ta buɗe ƙofar gidan da tsoro ya rufe.

DATTIJUWA: Mahaifiyarmu ta ɓoye ƙaramin a bayan tabarma da ta ji sallamar masu rigakafi. Tana ganin idan suka ɗauke shi, ko gawarsa ba za ta gani ba.

MAI SHARHI: Babu adalci a kira wannan jahilci, domin nau'in cutar mai tsanani yana kashe kusan uku cikin kowane goma da ya kama, kuma babu maganin da wani baƙo zai iya yi wa uwa alkawarinsa. Saboda haka ma'aikata suka riƙa killace mara lafiya a cikin gidansu, da mai gadi a ƙofa, suna kuma zagaya makarantu da kasuwanni riƙe da kati mai hoton yaro da ƙuraje, suna ba da tukuici ga duk wanda ya nuna musu sabon kamu. A haka aka kai ga Rahima Banu, ƙaramar yarinya a Bangladesh, wadda ita ce ta ƙarshe da nau'in mai tsanani ya kama a cikin jama'a, a 1975, sannan Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin garin Marka na Somaliya, wanda shi ne na ƙarshe da agana ta kama a cikin jama'a, a watan Oktoba na 1977. Dukansu biyu sun warke.

MA'AIKACI: Bayan nan ma ba mu zauna ba. Duk inda aka ce ga ƙuraje sai mu je, mu duba tafin hannu da tafin ƙafa, mu tarar ƙarambau ce.

MAI SHARHI: Sai da kwamitin masana ya bi rahotannin ƙasa bayan ƙasa, ya sa hannu a watan Disamba na 1979, sannan Babban Taron Lafiya na Duniya ya sanar a Geneva, ranar 8 ga Mayu, 1980, cewa an kawar da agana daga doron ƙasa.

(Ma'aikacin ya mayar da allurar cikin tsumma, ya ƙulle. Sharhi ya tsaya, an bar sautin wurin shi kaɗai har hoton ya dushe.)