Gyara a Kan Rahoton Wata Uku (Yuli zuwa Satumba 2024): Adadin Kayan da Muka Kai a Kan Lokaci

Zuwa ga: Manajan Darakta
Kwafi: Shugabar Sashen Kuɗi da manajojin rassa biyar
Daga: Jami'in Ƙididdiga, Hedikwata, Jos
Kwanan wata: Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na rubuto ne domin in janye adadi ɗaya daga rahoton da na raba ranar 7 ga wannan wata, kafin ya isa gaban hukumar gudanarwa a zaman ranar Alhamis. A shafi na 3 na rubuta cewa kashi 87.6 cikin ɗari na abincin kajin da aka yi oda ya isa hannun masu shi a kan lokaci, wato mun haura kashi 85 da muka ɗaukar wa kanmu. Wannan ba daidai ba ne. Adadi na gaskiya shi ne kashi 77.05, kuma ba mu kai ga burin ba. Kuskuren daga wurina yake. Alƙaluman da rassa suka aiko babu abin da ya same su.

Ga abin da kowane reshe ya aiko:

| Reshe | Buhunan da aka yi oda | Waɗanda suka isa a kan lokaci | Kashi cikin ɗari |
|---|---|---|---|
| Jos (Bukuru) | 24,000 | 17,280 | 72 |
| Abuja (Dei-Dei) | 10,000 | 8,000 | 80 |
| Bauchi | 4,000 | 3,600 | 90 |
| Lafiya | 1,500 | 1,440 | 96 |
| Pankshin | 500 | 500 | 100 |
| Jimilla | 40,000 | 30,820 | 77.05 |

Abin da na yi shi ne na tara kason rassan nan biyar, 72 da 80 da 90 da 96 da 100, suka ba ni 438, na raba gida biyar, na sami 87.6. Lissafin kansa bai karye ba, amma ya amsa tambayar da ba ita aka yi mana ba. Da na raba gida biyar, na ba kowane reshe nauyi iri ɗaya, kashi 20 cikin ɗari. Pankshin mai buhu 500, wanda bai cika tirela ɗaya ba a tsawon wata uku, ya zo kafaɗa da kafaɗa da Bukuru mai buhu 24,000. A zahiri Bukuru ke ɗauke da kashi 60 na kayanmu, Pankshin kuwa kashi 1.25 ne kawai. Buhu ɗaya na Pankshin ya yi nauyin buhu 48 na Bukuru a lissafina. Tun da ƙananan rassan su ne suka fi ƙoƙari, sai suka ja adadin sama, suka rufe reshen da matsalar take.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya: a tara duk buhunan da suka isa a kan lokaci, 30,820, a raba da duk buhunan da aka yi oda, 40,000. Raba kaso gida-gida yana ba da amsa daidai ne idan rassa suna ɗaukar kaya daidai wa daida, ko kuma kasonsu duka ɗaya ne. Mu kuwa ba mu taɓa kasancewa haka ba.

Ga masu son dubawa da kansu a takardar Excel, abin da ke layin jimilla a da shi ne:

```
=AVERAGE(D2:D6)
```

Yanzu na mayar da shi:

```
=SUM(C2:C6)/SUM(B2:B6)*100
```

Abin da ya fi damuna, ranka ya daɗe, shi ne yawan buhunan da suka ɓace a tsakanin alƙaluman biyu. Wanda ya karanta 87.6 zai ɗauka buhu 4,960 ne suka makara. Waɗanda suka makara 9,180 ne. Buhu 4,220 ke nan da rahotona ya share, kuma a bayan kowane akwai mai kaji da ya tsaya yana jira. Daga cikin 9,180 ɗin, 6,720 na Bukuru ne kaɗai, kusan kashi uku cikin huɗu.

Ba ni ne na fara hango matsalar ba, ya kamata in faɗa. Manajan reshen Bukuru ne ya shigo ofishina ranar Laraba da littafin ƙorafi a hannu, ya buɗe mini shafukan watan Agusta, ya ce, "Malam, idan da gaske mun kai tamanin da bakwai, waɗannan mutanen da wa suke faɗa?" Ya nuna mini na wata Hajiya mai kaji masu ƙwai a Zawan, wadda ta jira buhu 60 har kwana huɗu. Dole ta sayi wani abincin daban a kasuwa, kuma ta ce ƙwan da take kwashewa ya ragu bayan canjin. Mutumin da adadin gaskiya zai fi fallasa reshensa shi ne ya matsa a sake lissafi. Ina roƙon a riƙe masa wannan idan an zo tattauna batun Bukuru.

Da na koma baya, na tarar rahoton Afrilu zuwa Yuni ma da irin wannan lissafin na yi shi. A lokacin rassa huɗu ne, na rubuta kashi 85.0, alhali buhu 29,000 ne cikin 36,000 suka isa a kan lokaci, wato kashi 80.56. Don haka jimlar da ke shafi na 3 mai cewa "an samu ci gaba" ta juya gaskiya. Ba mu tashi daga 85.0 zuwa 87.6 ba, mun sauko ne daga 80.56 zuwa 77.05. Bukuru ya faɗi daga 78 zuwa 72 a tsakiyar damina. Buɗe Pankshin a watan Yuli shi ya ƙara lulluɓe faɗuwar, domin ya shigo da 100 cikin lissafin da buhu 500 kacal.

Shawarar da ke shafi na 9, ta a ɗage hayar ƙarin motoci biyu na Bukuru zuwa baɗi, a kan 87.6 na gina ta. Na janye ta. Ina ganin ya kamata a mayar da maganar motocin gaban hukuma a wannan zaman. Batun alawus ɗin ƙwazo na ma'aikatan hedikwata, wanda aka ɗaura a kan kashi 85, na bar wa shugabanni, sai dai na sanar da Hajiya Shugabar Sashen Kuɗi tun ranar Juma'a don kada a shigar da shi cikin albashin Oktoba kafin a yanke hukunci. Na manajojin rassa bai taɓu ba, tun da da kason reshensa ake auna kowa.

Na bi sauran shafukan ɗaya bayan ɗaya. Alƙaluman ciniki da na kuɗin shiga jimilla ce kai tsaye, suna nan daram. Kason buhunan da suka lalace a shafi na 7 shi ma da wancan lissafin aka fitar da shi, ina jiran adadin buhunan daga Bauchi in gyara shi kafin gobe da azahar. Daga yanzu duk inda kaso ya fito a rahotona, adadin buhunan da aka ciro shi daga ciki zai zauna a gefensa, kuma wani daga sashen kuɗi zai sake lissafin layin jimilla kafin a raba.

Ina neman afuwa a kan wannan kuskure, musamman daga abokan aikinmu na Bukuru da suka daɗe suna cewa motoci ba sa isarsu. Ina roƙon izininka in raba gyararren rahoton ranar Laraba da safe, kuma duk wanda ke riƙe da kwafin 7 ga Oktoba ya dawo mini da shi.

Na gode, ranka ya daɗe.

Jami'in Ƙididdiga
Sashen Tsare-tsare, Hedikwata, Jos