Takardar Bita ta Bayoloji, Ajin SS3: Numfashin Ƙwayar Halitta

Ɗalibaina, na gama duba takardunku na gwajin makon jiya, kuma kusan rabin ajin sun rubuta cewa numfashin ƙwayar halitta shi ne shaƙar iska da fitar da ita. Wancan aikin huhu ne. Abin da muke magana a kai yana faruwa ne a cikin kowace ƙwayar halitta mai rai, ta mutum ce, ta gero ce, ko ta yis. A can ake farfasa gulukos sannu a hankali, a kwashe makamashin da ke cikinsa a zuba shi a ATP, wanda shi ne kuɗin da ƙwayar halitta ke kashewa a duk aikin da za ta yi.

C6H12O6 + 6O2 → 6CO2 + 6H2O + makamashi

Kada ku tsaya haddar sunaye kawai. A kowane mataki ku tambayi kanku abu biyu: ina kabon ya tafi, kuma wa ya ɗauki elektiron? Wanda ya riƙe waɗannan tambayoyi ba zai ɓata ba.

Gilaikolisis

A cikin saitofilazim ake yinsa, kuma ba ya buƙatar oksijin. Gulukos mai kabon 6 ne ke shiga, a bi da shi ta matakai 10, ya fito a matsayin fairubet guda 2, kowane da kabon 3.

Sai an zuba jari kafin a ci riba. A rabin farko ƙwayar halitta tana kashe ATP 2 don ta manna wa gulukos fosfet, ya yi saukin tsagewa. A rabi na biyu ta samu ATP 4. Ribar ke nan 2, ita kuma ake rubutawa idan an tambayi abin da aka samu. Ana kuma samun NADH 2. Ku ɗauki NAD+ tamkar ɗan dako: ya zo hannu rabbana, an ɗora masa elektiron da haidurojin, ya zama NADH, ya nufi inda zai sauke kaya. CO2 ko ɗaya ba ya fita a wannan mataki.

Jajayen ƙwayoyin jininmu ba su da maitokondiriya, saboda haka da gilaikolisis kaɗai suke samun ATP ɗinsu, duk da cewa su ne ke dakon oksijin.

Gadar da ake yawan mantawa

Idan akwai oksijin, fairubet yana shiga cikin maitokondiriya, can ciki inda ake kira matiriks. Kabon ɗaya ya fita a matsayin CO2, a loda NADH ɗaya, sauran kabon 2 su haɗu da ko'enzayim A su zama asetil-CoA. Fairubet 2 ne, don haka CO2 2 da NADH 2.

Zagayen Krebs

Hans Krebs ne ya bayyana shi a 1937 yana aiki a Sheffield ta Ingila, ya kuma samu kyautar Nobel a 1953. Shi ma a matiriks ake yinsa.

Asetil-CoA mai kabon 2 yana haɗuwa da okzalo'asitet mai kabon 4, su ba da sitiret mai kabon 6. Daga nan sai a riƙa rage shi: CO2 ɗaya ya fita, saura kabon 5, wani ya sake fita, saura 4. Mai kabon 4 ɗin nan ake ta sarrafawa har ya koma okzalo'asitet, ya tsaya jiran sabon asetil-CoA. Dalilin kiransa zagaye ke nan, inda aka fara nan ake dawowa.

Zagaye ɗaya yana ba da CO2 2, NADH 3, FADH2 1 da ATP 1. FADH2 shi ma ɗan dako ne kamar NADH. A nan da yawanku kuka zubar da maki, domin gulukos ɗaya zagaye biyu yake bayarwa. Sai ku ninka: CO2 4, NADH 6, FADH2 2, ATP 2.

Yanzu ku ƙirga kabon: 2 a gada, 4 a zagaye, 6 ke nan cif. Gulukos ya ƙare ƙurmus, ya zama iskar da muke fitarwa ta hanci, amma ATP 4 kacal ke hannu. To ina sauran makamashin? Yana kan 'yan dako: NADH 10 da FADH2 2.

Jerin miƙa elektiron

Wannan shi ne matakin da nake so ku ba lokaci. Wurinsa shi ne tantanin ciki na maitokondiriya, wanda ya nannaɗe kamar ninkin zane don fili ya ƙaru. A jikinsa akwai manyan furotin guda 4 a jere, ku ɗauke su kamar tashoshi. NADH yana sauke elektiron ɗinsa a tasha ta 1, FADH2 kuwa a ta 2. Elektiron na wucewa hannu zuwa hannu, kamar yadda ake miƙa bokitin ruwa in ana kashe gobara, kuma a kowane miƙi yana sakin ɗan makamashi. Da wannan makamashi tasha ta 1, ta 3 da ta 4 suke tura H+, wato haidurojin da ya rabu da elektiron ɗinsa, daga matiriks zuwa ratar da ke tsakanin tantanin ciki da na waje.

H+ ya taru maƙil a gefe guda, yana neman komawa, tantanin kuma ya hana. Ƙofar da ya samu ita ce enzayim mai suna ATP sintes. Ku tuna madatsar ruwa ta Kainji: an tare ruwa ya taru, ana sakinsa ta cikin injin, injin ya juya, lantarki ya samu. Haka H+ ke bi ta cikin enzayim ɗin, wani sashensa ya juya a zahiri, ADP ya haɗu da fosfet ya zama ATP. Peter Mitchell ne ya kawo wannan bayani a 1961, aka ba shi Nobel a 1978. Tun da FADH2 ya tsallake tasha ta 1, H+ ɗin da yake sa a tura bai kai na NADH ba, ATP ɗinsa ma bai kai ba.

A ƙarshen layi oksijin ke tsaye. Shi ne mai karɓar elektiron na ƙarshe, ya haɗa da H+ ya zama ruwa. In babu shi, layin ya cunkushe, 'yan dako sun rasa inda za su sauke kaya, zagayen Krebs ma ya tsaya. Gubar sayanaid tasha ta 4 take toshewa. Abin da ke sakinta yana cikin rogo mai ɗaci, shi ya sa ake jiƙa shi a shanya, ko a gurza a matse, kafin a ci.

Jimillar ATP

Tsohon lissafi yana ba NADH ATP 3, FADH2 kuma 2, wato 34, a haɗa da 4 na baya ya zama 38. Sabon awo ya nuna kimanin 2.5 da 1.5, jimilla 30 zuwa 32. Littattafan sakandare da yawa har yanzu 38 ko 36 suke rubutawa. A jarrabawa ku rubuta na littafinku, ku kuma nuna yadda kuka lissafa.

Idan oksijin ya yi ƙaranci

Gilaikolisis na ci gaba, muddin an sauke wa NADH kayansa ya koma NAD+. A tsokar mai tsere, fairubet ne ke karɓar kayan ya zama laktik asid, irin tsamin da bakteriya ke sa wa kindirmo. A yis kuwa itanol da CO2 ake samu, kuma CO2 ɗin ne ke kumbura ƙullin burodi da na fanke. Ribar duka ATP 2 ce daga gulukos ɗaya.

Kafin ranar Litinin kowa ya zana maitokondiriya a littafinsa, ya nuna inda kowane mataki ke faruwa, ya rubuta abin da ke shiga da abin da ke fita ba tare da duba wannan takarda ba. Wanda ya kakare ya same ni a ɗakin gwaji bayan sallar Azahar.