Nunin manhajar sito da bashi: ranaku uku da muka ware muku, da waɗanda ya kamata su zauna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Alhaji Bappa,

Barka da wannan lokaci. Ina fatan kana lafiya, da iyali da yaran shago baki ɗaya, kuma ya kasuwa? Allah ya ƙara buɗi.

Usman ne, wanda ya same ka a rumfarka ta Tudun Hatsi ranar Litinin da ta wuce, daidai lokacin da ake sauke masara daga motar Kumo. Na gode da ruwa da wurin zama, musamman ganin irin hidimar da kake ciki a ranar. Kafin in tashi ka ce in rubuto komai ta imel, Sadiƙu ya buɗe maka ku duba tare da daddare, shi ne na rubuto.

Akwai maganar da ka yi da har yanzu take min yawo a rai. Ka ce ciniki ba ya ba ka wahala, abin da ke hana ka barci shi ne ranar da za a haɗa lissafi: littafin sito na Gombe ya ce abu kaza, na Kumo ya ce wani abu daban, Bajoga kuma sai an kira waya sau uku kafin a ji adadin buhun taki da ya rage. Ka kuma kawo zancen manoman Dadin Kowa da ke ɗaukar taki bashi da damina su biya da shinkafa ko masara idan kaka ta yi, inda wani ya kawo buhu huɗu yau, biyu bayan mako guda, sauran a kuɗi ta tiransfa, har a rasa wanda zai faɗi takamaimai nawa ya rage a kansa. To wannan ne ainihin aikin da aka gina manhajarmu dominsa. Ba na so in cika ka da bayani a rubuce, gani ya kori ji. Ina neman izini mu zo mu nuna muku ita tana aiki, ku taɓa da hannunku.

Ranaku uku muka ware muku a mako mai zuwa. Akwai Talata 14 ga Oktoba da ƙarfe 10:00 na safe, akwai Laraba 15 ga wata da ƙarfe 2:15, bayan an idar da Azahar, sai Asabar 18 ga wata da ƙarfe 9:00 na safe. Zaman awa ɗaya ne da kwata, na Laraba ma za mu tashi kafin La'asar. In da ni za a tambaya, Asabar na fi so, domin tana ba mutanen Kumo da Bajoga damar kamo hanya da sassafe su koma da rana. Amma kai ka san ranar da sito ya fi lafawa, duk wadda ka zaɓa ita ce. Idan babu wadda ta yi, faɗa min ranar da ta dace in nemo muku gurbi. Roƙona ɗaya, kada mu bari kaka ta kankama, don da zarar motoci sun fara layi a bakin sito ba wanda zai samu natsuwar koyon sabon abu.

Wurin kuma, mun fi so mu zo ofishinka da ke saman sito maimakon ku zo namu na Jekadafari. Dalili shi ne a ga manhajar a cikin ƙura da hayaniya da raunin sabis ɗin da za ta yi aiki a ciki kullum. Za mu zo da kwamfuta, da wayoyi biyu, da ƙaramar firinta ta rasit, duk da cajinsu, saboda haka ko babu wuta ba sai an tayar da janareto ba. Nunin kyauta ne, kuma ba ya ɗora maka alkawarin sayen komai.

Ga yadda zaman zai kasance a taƙaice. Za mu ɗauki mota guda ta taki, a ce buhu 600 na NPK da yuriya masu kilo 50, mu shigar da ita sito. Mu tura 200 Kumo, 150 Bajoga, ka ga yadda adadin ke sauka a nan ya hau a can, kuma ba zai zauna a littafin Kumo ba sai mai sito na can ya danna cewa ya ƙirga ya karɓa. Idan an loda 200 aka sauke 198, manhajar ba ta haɗiye bambancin, tana ajiye shi da sunan direba da ranar da lambar motar har sai an warware. Daga nan mu sayar: wani da tsabar kuɗi, wani da POS, wani da tiransfa, wani bashi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki da yawa ya koma tiransfa, kuma ka san yadda alat ke shigowa wayar mutum ɗaya alhali kayan na fita ta hannun wani. Za ka ga yadda kowane rasit ke ɗaure da hanyar da aka biya shi, ta yadda da yamma kashiya zai san abin da ya kamata a tarar a aljihun tebur da abin da ya kamata a gani a banki.

Inda za mu fi daɗewa shi ne bashin da ake biya da hatsi, tunda shi ne ciwon. Manomi ya ɗauki buhu goma na taki a watan Yuni, a rubuta da farashin ranar da sunan wanda ya tsaya masa. Ya kawo shinkafa a Nuwamba, a auna, a sa farashin da kuka yi yarjejeniya a kai, manhajar ta cire, ta buga masa takarda mai nuna abin da ya ɗauka da abin da ya kawo da abin da ya saura. Ya tafi da tasa, ku riƙe taku. Rigimar "ai na kawo" da "ba mu gani ba" a nan take mutuwa, zumunci kuma ya tsira. Manhajar ba ta ƙara ko sisi a kan bashi da kanta, abin da kuka rubuta shi take lissafawa.

Ka tambaye ni batun sabis. Idan intanet ta ɗauke ana ci gaba da aiki a waya, bayanan su zauna a cikinta, su haura da zarar sabis ya dawo. Gaskiyar da ya kamata ka sani tun yanzu ita ce, a tsakanin nan abin da kake gani daga Gombe na reshen da sabis ya yanke tsohon adadi ne, kuma manhajar tana nuna lokacin da ta ji daga gare su na ƙarshe. Za mu kashe data a gabanka ka gani.

Yanzu ga babbar tambayar da ta sa na rubuto: su wa za su zauna daga ɓangarenku?

Ina tambaya ne don na sha ganin nuni ya tafi a banza saboda an tara waɗanda ba su ne za su riƙa aikin ba. Mai gida ya gani ya yaba, a kawo manhaja, sai wanda ke bakin sito ya ga an ɗora masa abin da ba a shawarce shi ba, ya koma wa littafinsa a hankali. Ba laifinsa ba ne. Shi ya san abubuwan da mu ba mu sani ba, kamar buhun da ya yage aka sake ɗurawa, ko kayan da aka fitar da dare bisa umarninka ta waya, rasit sai da safe.

Saboda haka mutum na farko da nake roƙo a ba mu shi ne Malam Idi, mai riƙe da littafin sito. Na lura da yadda yake ƙirga buhu da ido tun kafin 'yan dako su gama sauke layi. Idan manhajar ba ta yi masa daidai ba, ba ta yi muku ba, kuma gara mu ji haka daga bakinsa a ranar. A gaya masa ba wurinsa muka zo karɓa ba. Allon yana da Hausa, maɓallan manya ne, wanda ya iya tura saƙon murya a WhatsApp zai iya. Ya zo da littafinsa ma, mu ɗauki shafi ɗaya na makon jiya mu shigar tare, ya gwada mu da shi.

Sai mai karɓar kuɗi da wanda ke bin bashi, in mutum biyu ne su zo dukansu. Sai mutum ɗaya daga Kumo, ɗaya daga Bajoga. Wanda hanya ta yi masa nisa za mu iya haɗa shi ta bidiyo a waya, ko da yake zama kusa ya fi. Sadiƙu kuma ba sai an faɗa ba, tunda shi ke haɗa muku lissafi a Excel ƙarshen wata, kuma shi za mu bar wa ragamar buɗe wa ma'aikata asusu da rufewa idan an yi ciniki. Idan akwai akawu na waje da ke duba muku littattafai ko harkar haraji, a sanar da shi, yana da tambayoyin da gara ya yi su tun yanzu.

Kai kuma, ranka ya daɗe, na san zaman awa guda cur yana da wuya a gare ka. Ko minti ashirin na ƙarshe ka ba mu ya isa. A nan ne za mu nuna abin da ya shafe ka kai kaɗai: wa ke da ikon ganin riba, wa ke da ikon rage farashi, wa zai iya soke rasit, da yadda duk wani gyara ke barin sawun wanda ya yi shi. Idan ka fi so a yi wannan ɓangaren daga kai sai Sadiƙu, a sallami sauran tukuna, sai ka faɗa min. Maganar farashi ma a nan za mu yi ta, domin ya danganta da yawan rassa da yawan masu shiga, kuma zan kawo shi a rubuce, har da kuɗin horarwa da na kulawa duk shekara, kada wani abu ya ɓullo daga baya. Idan akwai ɗan'uwa ko abokin tarayya da ba a yanke shawarar kashe kuɗi sai da shi, don Allah a gayyato shi, ya ji da kunnensa.

Mutum shida zuwa bakwai sun isa. In sun fi haka, wasu ba za su samu taɓa wayar ba.

Abin da nake jira daga gare ku kafin yammacin Litinin 13 ga wata shi ne ranar da ka zaɓa, da sunayen masu zuwa da aikin kowannensu, don in buɗe wa kowa asusun gwaji da sunansa kafin mu iso. Idan Sadiƙu zai iya haɗo min da jerin kayan da kuke sayarwa, ko hoton shafin littafi ne, sai mu yi nunin da kayanku maimakon na misali. A rufe sunayen masu bashi kafin a ɗauki hoton, ba ma buƙatarsu. Ana iya amsa wannan imel ɗin kai tsaye, ko a kira ni a lambar da na rubuta wa Sadiƙu a bayan katina. Daga ɓangarenmu ni ne zan zo, tare da Malama Hauwa wadda ke horar da ma'aikata, ita ce kuma za ta riƙa ɗaukar wayarku idan wani abu ya cije bayan an fara aiki.

A gaida Malam Idi da sauran yaran shago. Allah ya ba da sa'ar kaka, ya sa a sayar lafiya.

Wassalam,
Usman
Sashen ciniki da hulɗa da abokan kasuwanci
Jekadafari, Gombe