Tsarin Rage Ƙiba Ba Tare da Wahalar da Gwiwa Ba

Assalamu alaikum Goggo, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ga tsarin da na ce zan rubuto miki.

Shekarunki 58, nauyinki kilo 92. Abin da muke nema shi ne ki sauke kilo 5 zuwa 9 cikin wata shida, ƙasa da rabin kilo a mako ma ya wadatar. Kada ki raina shi: duk kilo ɗaya da ya tafi yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku.

Don Allah kada ki zauna da yunwa. Wanda ya haura hamsin tsokarsa raguwa take yi da kanta, yunwa kuma ƙara cinye ta take, alhali tsokar cinya ce ke tallafe gwiwa. Shi ya sa na fi damuwa da ƙarfin cinyarki a kan abin da sikeli ya nuna.

Ranar Litinin da Alhamis, ki samu kujera mai ƙwari ki jingina ta da bango. Ki miƙe tsaye, ki koma ki zauna a hankali, kada ki faɗa mata, sau 8. Idan da wuya, ki ɗora filo ta ƙara tsawo. Daga zaune ki miƙar da ƙafa ɗaya, ki ƙirga biyar, ki sauke, sau 10 kowace ƙafa. Sai ki dafa bango da hannu biyu, ki matso ki tura, sau 10. Ki huta, ki maimaita.

Tafiya kuwa, minti 10 bayan sallar Asuba kafin ranar Sakkwato ta buɗe, a wuri mai laushi kuma shimfiɗaɗɗe, ko da tsakar gida ne. Ki riƙa ƙarawa har ki kai minti 150 a mako, gwargwadon shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ban da tsalle, ban da dogon tsugunno. Ɗan tsami ba komai, amma in ciwo ya kwana ya wuni ko gwiwa ta kumbura, ki rage.

Tuwo malmala ɗaya, miya ta fi yawa. Wake, ƙwai, kifi da kwaɗon zogale su yawaita. Furarki da nono ki sha abinki, amma a rage sukari, lemon kwalba kuma a bar shi. Shayin rage teɓa da ake talla yawanci gudawa yake sawa, ruwan jiki ne ke fita, kitsen yana nan.

Tunda kina shan maganin hawan jini, ki nuna wa likitanki wannan takarda kafin ki fara, kuma ki daina sayen diclofenac a kemis kullum, yana taɓa ƙoda da ciki. In kika ji jiri ko ciwon ƙirji, ki tsaya nan take a kai ki asibiti.

Zan shigo Mabera ranar Asabar mu gwada na kujerar tare. A gaida Baba.