Jawabi ga taron manoman albasa a Marwa: kofaratif ko kamfani?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jauro, ranka ya daɗe. Malam Liman, Allah ya gafarta. Iyayenmu mata, 'yan uwa, sannunku da zuwa.

Tun bara maganar ɗakin ajiyar albasa take yawo a tsakaninmu. Kowa ya yarda a gina shi, don mu daina zubar da kaya a kasuwa lokacin kaka. Inda aka rabu shi ne sunan da za a yi rajista da shi: wasu sun ce ƙungiyar gama kai, wato kofaratif, wasu sun ce kamfani, irin wanda ake rubuta SARL a bayan sunansa. Dukansu halal ne a doka, kuma dokar ɗaya ce a Kamaru da Chadi, ta OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka da suka haɗa dokokin kasuwancinsu wuri ɗaya. Ta kofaratif an amince da ita a Lome a 2010, ta kamfanoni an sabunta ta a 2014. Amma tafiyarsu ba ɗaya ba ce.

Mu fara da ƙuri'a, don nan rigima take tashi. A kofaratif mutum ake ƙirgawa. A kamfani kuɗi ake ƙirgawa. A ce mun tara jarin sefa 4,000,000, Alhaji Bello ya zuba 2,000,000, Inna Hajara ta zuba 10,000. A kofaratif Alhaji ƙuri'a ɗaya gare shi, Inna ma ɗaya, ko da zai ninka kuɗinsa sau goma. A kamfani kuwa, idan kowane kaso sefa 5,000 ne, wanda shi ne mafi ƙanƙantar da doka ta yarda, Alhaji yana da ƙuri'a 400 cikin 800, Inna tana da 2. Ya ƙara sayen kaso ɗaya tak, ya haura rabi, shi kaɗai zai iya naɗa manaja ya kuma amince da lissafin shekara, mu duka muna zaune. Canza dokokin kamfanin ne kawai zai gagare shi, don wannan sai masu kashi uku cikin huɗu na jari sun yarda. Ba zalunci ba ne, haka aka gina kamfani: wanda ya fi sa dukiyarsa a haɗari shi ya fi murya.

Sai rabon abin da aka samu. A ce shekara ta ƙare, an biya mai gadi, an biya mota da buhuna, rarar sefa 1,000,000 ta saura. A kofaratif ba a taɓa ta sai an cire kashi 20 cikin ɗari an sa a asusun ajiya, an cire wani kashi 20 na horar da mambobi, kuma haka za a riƙa yi har kowane asusu ya kai yawan jarin da aka rubuta. Saura 600,000. Idan babban taro ya ce a raba, ana rabawa ne gwargwadon huldar kowa da ƙungiya. Buhu 600 suka shiga ɗaki, to kowane buhu ya jawo 1,000. Inna ta kawo buhu 30, ta karɓi 30,000. Alhaji idan ya kai albasarsa wani wuri bai kawo ko buhu ɗaya ba, ba shi da komai a wannan rabo. Doka ta bar ƙofar a ba jari ɗan ƙari mai iyaka, amma ba dole ba ne, kuma tunda Malam yana nan, shi zai faɗa mana ko mu rubuta shi ko mu bar shi.

A kamfani kashi 10 ake cirewa na ajiya, har ya kai kashi ɗaya cikin biyar na jari. Idan aka raba 900,000 da ta saura, Alhaji ya ɗauki 450,000, Inna ta samu 2,250. Buhunanta 30 ba su shiga lissafi ba.

Akwai wani kuskure da nake ji a bakin mutane, wai a kofaratif ba ruwan mamba da bashi. Da ruwansa. A kamfani, idan aka karye, abin da ka zuba shi ka rasa, iyakarsa ke nan. A kofaratif mafi ƙanƙantar alhakinka shi ne yawan kasonka, amma dokokin ƙungiya suna iya ɗaga shi har ninki biyar. Wanda ya zuba 10,000 ana iya bin sa 50,000. Kuma fita ba ta wanke mutum: bashin da ake bin ƙungiya ranar da ya fita yana kansa har shekara biyar. Don haka ranar da za a karanta dokoki a saurari wannan layi da kyau kafin a dangwala. Kuma ko a kamfani ne, wanda ya je banki ya tsaya wa bashi da sunansa, gidansa da gonarsa sun shiga ciki.

Shiga da fita ma sun bambanta. Ƙofar kofaratif a buɗe take ga duk manomin da ya cika sharuɗɗa, jarinta yana ƙaruwa yana raguwa ba tare da an sake takardu ba. Mai fita ana mayar masa da abin da ya zuba, ba ƙari, ko da ɗakin ya ninka daraja. Idan ƙungiyar ta watse, abin da ya rage bayan an biya bashi an mayar da kaso ba a raba shi, ana miƙa shi ga wata kofaratif ko wata cibiya mai hidimar irin waɗannan ƙungiyoyi. Wannan yakan yi wa mutane ɗaci, amma shi ke hana wasu su rushe ƙungiya don su cinye ɗakin. A kamfani kasonka dukiya ce mai tashi da faɗuwa, kana iya sayarwa da riba, sai dai baƙo ba ya shigowa sai sauran masu kaso sun yarda.

Rajista ba ta da wuya. Ƙaramar kofaratif, wadda ake rubuta SCOOPS, mutum biyar sun isa, da kwamitin gudanarwa da kwamitin sa ido. Babba, COOP-CA, sai goma sha biyar, da majalisar gudanarwa. Ana rajistarsu a ofishin ma'aikatar noma. Kamfani ko mutum ɗaya yana buɗewa, a nan Kamaru da jarin 100,000 tun 2016, kuma sunansa yana shiga rajistar kasuwanci ta kotu.

Ga abin da nake gani. Mu arba'in ne, kusan kowa yana da albasar da zai kawo, kuma ɗakin don kayanmu za a gina shi. Kofaratif ta fi dacewa da mu. Amma kada a ɓoye rauninta: manyan kuɗi ba sa zuwa da sauƙi, don mai miliyan biyu ba ya son muryarsa ta yi daidai da ta mai dubu goma, kuma shawara tana jan ƙafa. Abin da ya fi kashe ta shi ne mamba ya karɓi iri da taki bashi, lokacin kaka ya sayar wa ɗan kasuwa a bakin gona. Ɗaki ya zauna rabi, kuɗin gadi yana tafiya. Sai a rubuta tun yanzu buhu nawa ne wajibi a kan kowa, da tarar wanda ya saɓa, kuma kada kuɗi su fita daga asusu sai da sa hannun mutum biyu. 'Yan uwanmu huɗu masu son sayen babbar mota su riƙa kai kaya Yawunde da Duwala, su kamfani ya kamata su buɗe, kofaratif ta yi hayar motar da takarda.

Jumma'a mai zuwa bayan la'asar za a ɗaga hannu a nan. Kowa ya zo da katin ɗan ƙasa, ya kuma faɗa wa magatakarda buhu nawa ya samu bara. Jauro, na gama. Mai tambaya ya tashi.