Jawabin Gabatar da Hotunan Ajin 1995

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamanmu kuma iyayenmu da ke zaune a nan gaba, Allah ya ƙara girma, ya saka muku da alheri. 'Yan ajinmu, sannunku da hanya, musamman waɗanda suka kwano a mota daga Legas da Fatakwal. Shugaban taro ya ce minti biyar ya ba ni, ga kuma ƙamshin abinci ya fara shigowa ta taga, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba.

Wata huɗu ke nan ina bin mutane da roƙon hotuna. Wani ya ce gara ta cinye nasa, wani ya ce ruwa ya shiga akwati, wani kuwa na tabbata yana da su, ɓoyewa ya yi don kada 'ya'yansa su ga irin wuyan da yake da shi a da. Duk da haka mun samu hoto 63. Fiye da rabinsu daga gidan marigayi Bala Dogo suka fito. Mahaifiyarsa ce ta ciro su daga ƙarƙashin gado, a cikin akwatin kwanon da ya zo da shi makaranta a 1989, har yanzu sunansa na jiki da farin fenti. Ta ce min, "Ɗana, ka kai musu su gani, amma ka dawo min da abina." Inna, alƙawari na nan.

Hoton farko da za ku gani na aji ɗaya ne. Yara ne ƙanana, an yi musu aski tal-kwabo, an ɗinka musu riga da wando masu girma don su kai su aji uku. Mun shigo dukanmu 'yan jihar Kano. A watan Agustan 1991 aka ƙirƙiro Jigawa, mutanen Hadeja da Gumel da Kazaure suka dawo hutu suna ce mana yanzu su baƙi ne, a riƙa girmama su.

Kun tuna mai hoton nan da ke zuwa a kan keke ranar Asabar? Fim ɗinsa ɗauka 36 yake yi, ba ya kai shi wanki sai ya cika. Ka biya kuɗi, ka jira mako biyu ko uku, hoto ya zo idonka a rufe, haka za ka karɓa. Shi ya sa za ku ga kowa ya ƙame kamar soja. Ku kuma lura da wani agogo mai baƙin maɗauri. Na ƙirga, ya fito a hannun mutum bakwai daban-daban. Na Sani Monita ne, kuma ko a lokacin ba ya aiki. Rigunan da kuke gani sun sha guga kuwa, dutsen gawayi ɗaya ne ya zagaye ɗakin kwana gaba ɗaya.

Akwai hoton ɗakin cin abinci, kowa da kwanonsa na gabza. Akwai wanda aka ɗauka a 1994, washegarin da Najeriya ta ci Bulgeriya uku da nema, lokacin da kowane yaro ya koma Rashidi Yekini yana kama ragar gola yana ihu. Malam Garba, ranka ya daɗe, yau dai za mu faɗi gaskiya: ta katangar baya muka fita muka kalli wasan. Ka sani tun a daren, mu ma mun san ka sani, domin da safe ka tambaye mu wa ya ci ta biyu.

Na ƙarshe shi ne wanda muka ɗauka bayan takardar ƙarshe ta WAEC, a gindin darbejiyar bakin ofishin shugaban makaranta. Mu 41 ne a ciki. Shida Allah ya yi musu rasuwa, Allah ya jiƙansu, ya kyautata namu zuwan. Idan mun zo kansa za a tsayar da majigin, Malam Liman ya ja mu addu'a. Akwai kuma mutum uku a layin baya da na rasa wanda ke da labarinsu, shekara 30 ke nan. Wanda ya san garinsu ko wani ɗan'uwansu, don Allah ya same ni kafin a watse.

Roƙona ɗaya: kada a kalla a shiru. Duk fuskar da ka gane, ka kira sunanta da ƙarfi, har da laƙabi, in dai wanda za a iya faɗa a gaban malamai ne.

Auwalu, a kashe mana fitilun gaba. Bismillah, saki na farko.